Sirrin Babbar Riga Yana Wuya

Ranar hawan Sallah a Haɗeja, idan Mai Martaba Sarki Adamu Abubakar Maje, wanda ke kan karaga tun 2002, ya fito da hakimansa, idon mutane kan tafi kan ado. Maɗinki kuwa wuyan riga yake duba, domin a nan nauyinta duka ya rataya.

Tsarin babbar riga ba shi da sarƙaƙiya. Ƙyalle ne mai tsawo a tsakiya, a ninka shi biyu ya zama gaba da baya, a yanke wuya a kan ninkin. Hannuwa biyu masu faɗi sukan haɗu da shi dama da hagu, a ɗinke su daga ƙasa kaɗai, a bar gefe a buɗe iska ta riƙa shiga. Wanda ya san zafin bazarar Haɗeja ya san darajar wannan buɗi. A da, masaƙa kan saƙa siraran ƙyallaye a jera su a haɗa. Yau shadda ta karɓe wurin, kuma yadi goma kan isa riga da 'yar ciki da wando.

To, wannan yadi mai yawa kafaɗa ce ke ɗaukarsa, ga shi mai riga yana yini yana ɗaga hannuwa yana azawa a kanta. Shi ya sa ake ninka ƙyalle a wuya, a ɗora babban aljihu a ƙirji ta hagu, sannan a bi su da zare. Aikin da muke kira ado shi ne ke hana wuyan yagewa. Mai zayyana kan fara zana fasalin, mai allura ya bi sahunsa: aska biyu ko aska takwas su gangaro daga wuya kamar bakin wuƙa, tambari ya zauna a dama, wani kuma a baya. Aikin hannu na zaren tsamiya kan ci watanni, kuma a ganina ya cancanci kowane kwabo da aka biya. A ciki ana sa shafi, domin da an naɗe hannu shi ke fitowa fili.

Wandon asali buje ne, mai yalwar hantsa don mahayi ya sake a kan sirdi. Zariya na bi ta ƙubaka ta tattaro faɗin a ƙugu, ƙafa kuma ta tsuke da aikin kamun ƙafa da ya dace da na wuya.

Idan za ka saya, shimfiɗa rigar a tabarma. In yadi ya tattare a gefen aikin, an ja zare da ƙarfi fiye da kima, kuma wanki zai ƙara tattare shi. Sannan ka juya wuyan ka duba bayansa: in ba a ninka ƙyalle ba, mayar wa mai ita.