Lambobin da Ke Fito da Kuɗin da Suka Maƙale

Idan albasa ta nuna a fadamun Sabon Gida da kwarin Majiya, daga Fabrairu zuwa Afrilu, manyan motoci na fita da buhuna zuwa Abijan da Akra da Kwatano, kuɗi kuma na biyo baya ta banki ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza. Ga kuma na ƴan cirani daga Tamaske da Ibohaman da Karofan, waɗanda ke aiko wa iyali abin cefane da kuɗin wuta. Mafi yawan kuɗin nan suna isowa lafiya. Amma ranar da wani ya maƙale a hanya, a nan ake gane wanda ya iya nema. Akwai magatakardan ƙungiyoyin manoma da yaran manyan ƴan kasuwa a Madawa da Buza da Keita da suka ƙware a wannan aiki ƙwarai, kuma ina ganin girmansu. Wani zai yi sati uku yana biyan kuɗin mota zuwa Tawa, yana ba da labari tun daga ranar da aka loda buhuna. Su kuwa za su shiga da takarda guda, su fito da amsa kafin azahar.

Abin da suka fahimta shi ne, ma'aikacin da ke bayan kanta ba ya iya neman kuɗi da labari, kuma suna kaɗai ba ya isarsa. A ƙasar da kowane ƙauye ke da Mahaman da Abdu da Isufu barkatai, kuma ana rubuta suna ɗaya da haruffa kala uku a takardun Faransanci, injinsa zai fito masa da mutum hamsin. Abin da injin ke ganewa nan take shi ne lambar asusu, da kwanan wata, da adadin kuɗi daidai, da lambar da aka buga a jikin rasit.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wata ƙungiyar manoman albasa ta sayar wa wani Alhaji da ke Abijan kaya na sefa 1,350,000. Ajiyar ƙungiyar tana wata ƙaramar ma'aikatar ajiya da ba da bashi, irin waɗanda manoma suka fi hulɗa da su. Alhaji ya bugo waya ya ce ya tura ta banki tun ranar Juma'a. An yi kwana takwas, littafin ajiyar ƙungiya bai nuna ko dala ba, manoma sun fara ƙunƙuni.

Magatakarda bai tashi ya nufi ofis ba tukuna. Sai da ya kira Abijan: "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Don Allah a ɗauko mini hoton takardar da banki ya ba ku, gaba ɗayanta, kar a yanke sama ko ƙasa." Ya nemi ta zo cikakkiya ne domin lambobin da ake buƙata galibi a gefe-gefe suke, inda mai ɗaukar hoto ba ya kula.

Abu na farko da ya duba shi ne lambar asusun da aka tura wa. A ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, cikakkiyar lambar banki, wadda ake kira RIB, tana da gurbi 24. Biyar na farko na bankin ne, kuma a Nijar suna farawa da NE, sai lambobi uku. Biyar na biye na reshen da aka buɗe asusun ne. Goma sha biyu su ne asusun kansa, har da sifilin da ke gaba, waɗanda mutane ke yawan zubarwa don suna ganin ba su da amfani. Biyun ƙarshe kuwa mabuɗi ne da aka lissafo daga sauran, ta yadda idan an yi kuskuren lamba guda injin zai ƙi karɓa. Ya gwada na takardar da na hannunsa gurbi bayan gurbi, ya ga babu kuskure.

To ina matsalar? Wannan RIB ɗin ai ba na ƙungiyar ba ne. Na ma'aikatar ajiyar ne, wadda ita ma take da asusu guda a wani babban banki, kuma cikinsa ne kuɗin dubban mambobinta ke faɗawa. Domin a san na wane ne, dole mai turawa ya rubuta lambar mamba a gurbin dalilin biya, wanda aka buga wa Motif a takardar. Alhaji ya rubuta "albasa" kawai. Ga shi kuma kuɗin ba su fito da sunansa ba, sun fito da sunan kamfanin shagonsa, wanda ba wanda ya taɓa ji a Madawa. Kuɗi sun iso, akawu ya rasa mai su, ya ajiye su a asusun jira. Irin wannan na cikin manyan abubuwan da ke riƙe kuɗi, kuma ba sata ba ce. Duk inda ake biya cikin asusun taro, ko kuɗin makaranta ne ko biyan bashi, lambobin asusu biyu ake ambata: ta ma'aikatar a banki, da taka a cikin ma'aikatar.

Sai kwanan wata, inda ƙwarewar ta fi burge ni. Takardar ta nuna 07/03/2025. Magatakarda ya rubuta shi da kalmomi, 7 ga Maris 2025, don kada wani ya karanta 3 ga Yuli. Amma ya san wannan ranar da Alhaji ya ba da umarni ce, da yammacin Juma'a. Kuɗin da ke tafiya tsakanin bankuna biyu daban, idan ba su kai miliyan 50 ba, kan bi ta tsarin musayar da babban bankin BCEAO ke gudanarwa, SICA-UEMOA, wanda ke aiki a ranakun aiki kaɗai. Ke nan idan akawu ya duba ranar 7 a takardar bankinsa, ba zai ga komai ba, kuma da gaskiyarsa zai ce ba su zo ba. Don haka magatakarda ya ba shi ranar turawa, ya roƙi a duba daga Litinin 10 zuwa Juma'a 14 ga wata. Takardun banki ma kan zo da kwanan wata biyu, na ranar da aka yi aikin da na ranar da ake fara lissafa kuɗin a asusu, Date de valeur. Mai nema ya faɗi wanne yake nufi. Wanda ya aika ta waya da dare kuwa ya tuna agogon Abijan yana bayan na Nijar da awa ɗaya, don haka kuɗin da aka tura ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare a can suna iya faɗawa washegari a littafin nan.

Adadi ma yana da nasa tarkon. Mu nan da dala da jika muke ƙirga: wanda ya ce "ɗari" sefa 500 yake nufi, jika kuwa sefa 1,000. A kasuwar Tunfafi ba mai ruɗewa, amma a takardar koke sai a kwafi adadin yadda aka buga shi, har sefa na ƙarshe. Idan an cire ladan turawa daga cikin kuɗin, abin da ya iso zai gaza abin da aka tura, sai a ambaci duka biyun. Wanda ya ce "wajen miliyan ɗaya da rabi" ya ɓata wa akawu bincike tun kafin ya fara.

Lambar rasit ita ce ta fi kowace kaifi, amma sai a gidan da ya buga ta. Lambar da bankin Abijan ya buga a gurbin Référence, a cikin injinsa take. Ba lalle ne ma'aikatar ajiya ta Madawa ta gan ta ba. Amfaninta shi ne, da a ce an duba kwanakin nan ba a ga kuɗin ba, Alhaji ne zai koma bankinsa da ita ya nemi a bi sawu, domin wanda ya ba da umarnin biya shi ke da hurumin nema. Haka kuma takarda ɗaya kan ɗauki lambobi da yawa: ta reshe, ta mai karɓar kuɗi, ta jerin takardun. Gwani yakan kwafe kowace tare da kalmar da ke gefenta, ya bar ma'aikacin ya zaɓi wadda injinsa ke so.

Takardar da magatakarda ya miƙa, wadda aka rubuta da Faransanci, ba ta wuce layi shida ba. Ta faɗi sunan ƙungiya da lambar mambanta, da RIB ɗin da aka tura wa, da sunan kamfanin da ya tura da bankinsa, da sefa 1,350,000, da ranar 7 ga Maris, da lambar takardar, da roƙon a duba asusun jira. Ya maƙala kwafin hoton. Ya kuma zo da kwafi na biyu, ya ce: "Malam, a taimaka a buga mini hatimi da kwanan wata a wannan." Da wannan hatimin, in an sake dawowa ba sai an faro daga farko ba. Akawu ya buɗe takardar banki ta ranar Talata 11 ga Maris, ga kuɗin nan zaune da sunan kamfanin.

Sauran wurare ma tafiyar ɗaya ce, lambobin ne ke sauyawa. A NIGELEC, lambar mai hulɗa da ke kan takardar kuɗin wuta da watan da aka biya wa ake ambata, domin sau da yawa sunan da ke kan takardar na kaka ne ko na mai gidan haya. Mai mitar kati ya ba da lambar mita da lambar cinikin, in kuma ya samu lambobi 20 na shigar da wuta ya haɗa da su. A Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, saƙon da ya shigo waya shi ne rasit, kuma ana buƙatar lambar wayar da kuɗin suka fita. In a shago aka tura, ta mai shagon ce. Kuɗin da suka zo ta Western Union suna da lamba mai gurbi 10, MTCN.

A nan sai an yi hattara. Lambar da ake cire kuɗi da ita a kamfanonin aika kuɗi tamkar mabuɗin rumbu take: ana nuna ta a kan kanta kawai, ba a karanta wa wanda ya bugo waya ya ce shi ma'aikaci ne. Lambar sirri ta waya ko ta katin banki kuwa, babu wani bincike na gaskiya da ke buƙatarta.

Kuma duk wannan ƙwarewa ba ta aiki idan rasit ya goge. Siririyar takardar nan da ƙananan injuna ke bugawa, da zafi ake rubuta ta, zafi ne kuma ke cinye ta. A aljihu ko gaban mota cikin bazarar Adar, ba ta daɗewa take komawa fara fat. Mai karatu, ranar da ka biya ko ka aika, ka ɗauki hotonta tun kana wurin, ka kwafe lambobin cikin littafi da biro, kuma kafin wani ya turo maka kuɗi cikin asusun taro, ka aika masa lambar mambanka a rubuce, ka ce ya sa ta a gurbin dalilin biya.