Kashi Casa'in da Ya Zama Saba'in da Shida

Idan mai hasashen yanayi ya ce akwai yiwuwar ruwan sama kashi 70 cikin ɗari gobe, sai gari ya waye tangaram ba ko gajimare, ƙarya ya yi? Rana ɗaya ba ta isa a yanke masa hukunci ba, domin shi da bakinsa ya bar kashi 30 ga rashin ruwa. Sai an tattaro dukan ranakun da ya taɓa cewa kashi 70, a ƙirga nawa ne aka yi ruwa a cikinsu. In ranaku ɗari ne kuma aka yi ruwa a wajen saba'in, awonsa daidai yake. In arba'in ne, to saba'in ɗinsa ta fatar baki ce.

Masu hasashen yanayi na Amurka sun daɗe a wannan sana'a. Tun 1950 Glenn Brier ya fito da hanyar ba hasashen yiwuwa maki, a 1965 kuma hukumar yanayi ta ƙasar ta fara sanar wa jama'a yiwuwar ruwa da kashi cikin ɗari. Da Allan Murphy da Robert Winkler suka bi diddigin irin waɗannan hasashe a 1977, sun tarar abin da ake faɗa da abin da ke faruwa suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Ba abin mamaki ba ne, don kullum safiya sama tana yi wa mai hasashe gyara. Wanda zai zuba kuɗinsa bisa lambar da manhaja ta ba shi ba ya samun wannan gata, shi ya sa nake jinjina wa wanda ya iya yi wa kansa binciken tun kuɗi suna aljihu.

Mu ɗauki misali. A ce dillalin taki ne yake ba manoma bashi da damina, su biya da kaka. Buhu yana zuwar masa a naira 40,000, yana bayarwa a 50,000. Idan wanda bai biya ba asara ce gaba ɗaya, dole mutum takwas cikin goma su biya kafin uwar kuɗi ta dawo. Sai aka kawo masa manhaja mai duba bayanan manomi ta faɗi yiwuwar zai biya. Ga wanda ta ba kashi 90, lissafi yana nuna za a samu 45,000 a kan kowane buhu, ribar 5,000 ke nan.

Gwani ba ya fara buɗe sito. Yakan ɗauko littafin bashin bara, na manoma dubu waɗanda an riga an san wanda ya biya da wanda ya noƙe, ya sa manhajar ta ba kowa lambarsa ba tare da ta ga sakamakon ba. Sharaɗin nan ba na wasa ba ne: kada sunayen su kasance cikin bayanan da aka gina manhajar da su, don a kan abin da ta haddace kowace manhaja gwana ce. Daga nan sai ya jera mutanen daga ƙaramar lamba zuwa babba, ya kasa su rukuni-rukuni. Galibi goma ake yi, amma uku sun ishe mu a nan.

Rukunin sama mutum 400 ne, matsakaicin hasashensu kashi 90, wato ana sa ran 360 za su biya. Da aka ƙirga, 304 ne suka biya, kashi 76. Na tsakiya mutum 350, hasashe kashi 70, ana sa ran 245, aka samu 248. Na ƙasa mutum 250, hasashe kashi 40, ana sa ran 100, sai ga 153 sun biya.

Yanzu a tara. Manhaja ta ce 705 za su biya, kuma 705 cif suka biya. Wanda ya tsaya a jimla zai tafa mata. Alhali rarar ƙasa ce ta rufe giɓin sama, kamar mai awo da ya tauye maka mudun gero ya cika wa maƙwabcinka, sannan ya rantse buhunsa bai yi ragi ba. Manhajar ta cika zaƙewa: waɗanda ta yarda da su ta yarda fiye da kima, waɗanda ta raina ta raina fiye da kima. Kuma ɓarnar ta faɗo daidai inda kuɗi za su tafi, tunda rukunin sama kaɗai ne hasashensa ya haye kashi 80. Kashi 76 na 50,000 shi ne 38,000. Ribar 5,000 ta rikiɗe ta zama faɗuwar 2,000 a kowane buhu.

Sai dai kafin a ɗora wa manhaja laifi, akwai tambayar da ke raba gwani da mai gaggawa: shin ba sa'a ce kawai ta karkata ba? Ko awo daidai ne, ƙirga ba zai faɗo cif ba. Ana kimanta girman wannan lilo da ɗan lissafi, inda `p` ke nufin hasashen, `n` kuma yawan mutanen rukunin:

```
sqrt(p*(1-p)/n)
```

Ga rukunin sama amsar ita ce 0.015, wato ɗigo ɗaya da rabi cikin ɗari. A ninka biyu, sai a ce ingantacciyar manhaja za ta faɗo tsakanin 87 da 93 a mafi yawan lokuta. Saba'in da shida ta yi nisa da nan ƙwarai. Amma da rukunin tsakiya mutum 25 ne kawai, lilon zai kai ɗigo tara, duk abin da ya faɗo tsakanin 52 da 88 ba zai zama hujja ba. Shi ya sa yawaita rukuni ba gwaninta ba ce. Wanda ya kasa mutum ɗari biyu gida ashirin, hayaniya kawai zai karanta.

Lissafin nan ma yana da nasa rauni, kuma a harkar noma raunin babba ne. Yana ɗauka cewa biyan wannan manomi bai shafi na wancan ba. Amma in ruwa ya ɗauke a watan Agusta, gari guda ne zai kasa biya tare. Saboda haka damina ɗaya, ko da mutum dubu ne a littafi, shaida ɗaya ce game da irin shekarar da aka yi. Mai hankali zai nemi littafin bara da na bara waccan, ya yi kowanne daban, ya ga ko karkatar tana maimaita kanta. Zai kuma tuna cewa littafin bai san komai ba game da waɗanda aka hana bashi tun farko.

Cin wannan jarrabawa kuma bai nuna manhaja tana da amfani ba. Wadda za ta ba kowa kashi 70 da rabi, awonta daidai ne a littafin nan, amma ba ta bambanta mai biya da mai cinyewa ba. Ta dillalinmu tana bambantawa, tunda 76 da 71 da 61 suna bin tsarin da ta jera, ko da yake tazarar ba ta kai yadda ta yi iƙirari ba. Ana iya gyara lambobinta a matso da su tsakiya, a karanta casa'in a matsayin saba'in da shida, sannan a gwada gyaran a kan wata damina daban, ba wadda aka yi gyaran da ita ba. Kafin nan, a wannan farashin babu rukuni ko ɗaya da ya kai kashi 80, don haka ko dai dillali ya nemi jingina da mai tsaya wa, ko kuwa taki ya fita da kuɗi hannu.