Dalilin da Kafinta Ya Zaɓi Iroko

Wani Alhaji, dillalin atamfa a Kantin Kwari, ya ba kafinta aikin ƙyamare biyu na ofishinsa da ke saman bene, masu kallon gabas. Da lissafi ya zo, kuɗin katako ya haura abin da ya yi tsammani. Kafintan, dattijo ne mai rumfa a Fagge, bai tsaya ga "ai kaya sun yi tsada" ba. Takarda ya sa aka rubuta, shafi guda, kuma na daɗe ban karanta bayanin sana'a mai gamsarwa irinta ba.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da gabas ya fara. "Ranka ya daɗe, ƙofar da ke kallon gabas ita ke cin dukan hadari." Duk mutumin Kano ya san haka: daga gabas ruwa ke tasowa da iska, tun daga Yuni har Satumba, ya fi tsanani a Agusta. Ruwan yakan gangaro ta jikin ƙyaure ya taru a gindinsa, inda bakin yankan katako yake a buɗe yana shan ruwa. Daga nan ruɓewa ke farawa. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, katakon da ya kumbura ya tsuke, haɗin ya buɗe baki.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai kushe obeche ba, wato farin katakon da Alhaji ya so a saya don sauƙin kuɗi. Ya ce katako ne mai daɗin aiki, ba ya yawan karkacewa, kuma ya dace da ƙofar ɗaki ta ciki ko kanta. Amma taushi gare shi, har farce na yi masa shaida. Ba ya jure laima, gara na sonsa, haka ƙwaron nan mai huda katako yana zubo da gari. Sannan ba ya riƙe kusa da ƙarfi, don haka bayan an sha buɗewa da rufewa sai hinji ya saki, ƙyaure ya sunkuya yana jan ƙasa.

Iroko, wanda ake kawowa daga dazukan kudu zuwa kasuwannin 'yan katako irin ta Na'ibawa, cikinsa na da wani maiƙo na halitta da ke hana ruɓewa da gara saurin kama shi. Nauyi ma ya bambanta. Ƙyaure mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 7, kauri kusan inci 2, in duk katako ne zalla, na iroko zai kai kilo 55, na obeche kuwa bai fi 32 ba. Shi ya sa ya sa hinji uku manya a kowane ƙyaure maimakon biyu, ya kuma rubuta kuɗinsu a fili.

Daga nan ya zo kan asarar da mai saye ba ya gani. Kowane falankin iroko yana iya zuwa da farin gefe, ɓangaren da ke kusa da ɓawon itace, kuma wannan gefen ba shi da kariyar da cikin ke da ita. Kafinta mai son riba sai ya bar shi ya shafe da fenti. Wannan dattijo yanke shi ya yi ya yar, aka biya kuɗin falanki cikakke aka yi amfani da cikinsa kawai. Ya tuna wa Alhaji cewa shi ma ba ya sayar da atamfa mai zuba a matsayin Holan don zanensu ya zo ɗaya. Ga kuma wahalar aikin: iroko kan ɓoye wani abu mai tauri kamar tsakuwa da ke dakushe bakin zarto, ƙurarsa kuma tana damun hanci da fata.

Katako mai kyau kaɗai bai isa ba, kuma ya faɗi haka. Ya jera falankan a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har suka bushe, domin ɗanyen iroko ma yana tsagewa da hunturu. Allunan tsakiyar ƙyaure bai sa musu gam ba, ya zura su cikin kwarmi ne ya bar 'yar rata, su kumbura su tsuke ba tare da sun fasa firam ba. Gindin ƙyaure da samansa, inda ido ba ya kaiwa, nan ya fi shafawa da mai.

Ya rufe da gargaɗi cewa launin rawayan da Alhaji zai gani da farko zai koma ruwan ƙasa mai duhu, kada a ɗauka an musanya katako, kuma a sake shafa mai duk shekara kafin damina.

Mai karatu, in za ka yi ƙofar waje, ka nemi kafinta ya nuna maka falankin tun kafin fenti ya hau shi. Ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka danna farce, ka duba gefensa ko akwai fari.