Nazari Kan Umarnin Zana Benen Gilashi: Abin da Ke Bayan Mai Ɗaukar Hoto

Tun daga shekarar 2022, da manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion suka fito, masu zanen gine-gine a Kano suka samu hanyar nuna wa mai gini surar benensa kafin a haƙa tushe. Sai a rubuta umarni, manhaja ta fitar da hoto. Inda akasari ake yin tuntuɓe shi ne dogon benen ofisoshi mai fuskar gilashi. A ce za a gina shi a Panshekara, sai hoto ya fito da shuɗin sama tas, da dogayen benaye na walƙiya a jikin gilashin, alhali duk wanda ya san hanyar Sharada zuwa Challawa ya san maƙwabtan wurin masana'antu ne masu rufin kwano, da rumbunan ajiya, da tankunan ruwa.

Dalilin kuskuren a fili yake. Waɗannan manhajoji ba sa lissafin tafiyar haske, suna kwaikwayon tarin hotunan da aka horar da su da su ne kawai. Gilashi kuwa abin da ke gabansa yake nunawa, wato abin da ke bayan mai ɗaukar hoto. Idan umarni ya tsaya ga siffanta benen, manhaja za ta cike gurbin da abin da ta saba gani a wasu birane. Saboda haka rabin aikin shi ne siffanta abin da ba ya cikin hoton.

Bari mu ɗauki misali. Bene mai hawa 15, mai ɗaukar hoto na tsaye mita 30 daga gare shi, idonsa na mita 1.6 daga ƙasa. A bayansa akwai masana'anta mai tsayin mita 12, wadda ke nesa da gilashin da mita 40. Haske na barin gilashi a kusurwar da ya sauka a kansa, don haka ƙololuwar rufin masana'antar za ta bayyana a wajen mita 6 a jikin benen. Ke nan hoton maƙwabta bai wuce hawa biyu na ƙasa ba, sauran 13 sama kaɗai za su nuna. Duk hoton da ya ɗora rufin kwano a hawa na goma ƙarya ya yi.

Sai kuma ƙarfin hoton da ke jikin gilashin. Fallen gilashi da ba a shafa masa komai ba yana mayar da kimanin kashi 8 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa kai tsaye, amma idan aka kalle shi a karkace sai ya koma tamkar madubi. Shi ya sa daga ƙasa ake iya hango labule da fitilu a hawan farko, na sama kuwa sai sararin samaniya. Haka nan kowane falle yana ɗan kaucewa daga na kusa da shi, don haka layin rufin maƙwabta yakan karye a duk inda sandar alminiyom ta raba gilasai. Hoton da ya miƙe sumul daga gefe zuwa gefe alamar zanen na'ura ne.

Na uku shi ne saman Kano kansa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan mayar da shi fari-fari, ƙura ta kwanta a gilashi ta dusashe shi. A Agusta kuwa gajimare ne masu nauyi. Dole umarni ya zaɓi ɗaya, ya kuma faɗi inda rana take. Da yake Turanci manhajojin suka fi ji, ga yadda za a haɗa shi:

```
15-storey glass office tower, eye level, 30 m away,
harmattan haze, pale sky, low sun from the left,
lower two floors reflect metal-roofed warehouses,
upper floors reflect sky only,
reflection breaks at each mullion, dusty glass
```

Ko da wannan, umarni yana da iyaka. Manhajar takan yi biris da lambobi, ta ƙara hawa ko ta rage, ta kuma sa inuwa gabas alhali ƙyallin rana a gilashi na cewa yamma ya kamata ta faɗa. Mai aiki ya ƙirga hawa, ya gwada launin saman da ke cikin gilashi da wanda ke bayan benen, ya duba ko inuwa da ƙyalli sun yarda da juna. Masu amfani da Stable Diffusion kan ɗaure fasalin benen da ControlNet, wanda ya fito a 2023, sannan su shafe sashen da ya lalace su sake fitar da shi shi kaɗai.

Hukuncina shi ne, irin wannan hoto ya isa a fara tattaunawa da mai gini, amma bai isa hujja kan yadda benen zai jefa haske da zafi kan titi da maƙwabta ba. Wannan aikin manhajar da ke lissafin haske ne. Wanda zai rubuta umarni kuma, ya fara zuwa filin, ya juya wa wurin ginin baya, ya ɗauki hoton abin da ya gani.