Tu Ko Lei: Shawarar da Ingilishi Kan Bar wa Mai Fassara

Ingilishi na yau lamiri ɗaya gare shi na wanda a ke yi wa magana, watau *you*. Da shi a ke kiran sarki, da shi a ke kiran bara. Saboda haka duk wanda ya ɗauki littafin Ingilishi zai juya shi zuwa Italiyanci, tilas ne ya yanke wata shawara wadda mawallafin bai taɓa yankewa ba. A wannan takarda za mu duba yadda ya kamata a yanke ta, mu gwada da littafin Jane Austen mai suna *Pride and Prejudice*, wanda ya fito a 1813, Giulio Caprin kuma ya fitar da fassararsa ta Italiyanci a 1932.

Italiyanci yana da *tu*, na sabo da zumunta, da kuma *Lei*, na girmamawa da nisa. Ainihin ma'anar *Lei* kuwa "ita". Asalinsa, a fādodin Italiya a kan kira babban mutum da laƙabi irin su "Martabarku", kalmomin nan kuwa na tamata ne, sai a ka riƙa mai da lamiri gare su. Al'adar ta bazu a ƙarni na 16. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Bafaden da ya faɗi gaisuwa a fādar Birnin Gwari ba ya cewa "ka kwana lafiya?", sai "Sarki ya kwana lafiya?", kamar yana zancen wanda ba ya nan. Bambancin shi ne, Italiyanci ya fitar da abin daga fāda ya kai shi kasuwa da ofis, har ya shiga jikin aikatau. "Kin gaji" ta sabo ita ce *sei stanca*, ta girmamawa kuwa *è stanca*. Ko an jefar da lamirin, aikatau zai tona asiri. Babu inda mai fassara zai ɓuya.

Akwai kuma na uku, *voi*, wanda ya yi daidai da "ku" ɗinmu ta ladabi. A littafin Alessandro Manzoni, *I promessi sposi*, wanda ya fara fitowa a 1827, Renzo da Lucia suna kiran juna da *voi* alhali an yi musu baiko, Renzo kuma yana kiran limamin cocinsu da *Lei*. A 1938 gwamnatin Mussolini ta hana *Lei*, wai baƙo ne, ta umarci a koma *voi*. Domin haka wanda ya ga *voi* a fassarar da a ka buga tsakanin 1938 da 1943 kada ya yi garajen yabon mai fassara ko zarginsa, mai yiwuwa doka ce ta yi zaɓin. Yau *voi* ya ragu ƙwarai, sai a kudancin ƙasar da cikin littattafan da ke ba da labarin dā.

To, da me za a auna? Abin da Ingilishi ya rasa a lamiri yana ajiye shi a suna da laƙabi. Can ne mai fassara zai nemi hujja. Elizabeth da yayarta Jane da sunan yanka su ke kiran juna, nan *tu* ne ba gardama. Lady Catherine, a babi na 56, tana zazzaga wa Elizabeth faɗa amma ba ta sauke mata laƙabi ba. Wanda ya sa *tu* a bakinta don ya nuna raini ya ɓata wurin, gama rainin matar nan cikin rigar ladabi ya ke tafe, da shi ya sa ya ke da zafi.

Amma laƙabi ma yana ruɗi. Misis Bennet ba ta taɓa kiran mijinta sai da Mista Bennet, bayan shekara ashirin da uku da aure. Idan a ka bi laƙabin ido rufe a ka ba su *Lei*, Ba'italiye zai ji kamar akawu ne da mai neman takarda. Mu da mu ka san matar da ba ta faɗin sunan miji, sai Malam ko Maigida, mun san wannan kunya ce ta al'ada, ba baƙunta ba. *Voi* ne ya dace da su, domin yana ɗauke da ladabi da sabo gaba ɗaya.

Inda aikin ya fi wuya shi ne tsakanin Darcy da Elizabeth. A babi na 34 ya nemi aurenta ta ƙi, su ka rabu yana kiranta da laƙabin da a ke yi wa baƙuwa. Nan *tu* kuskure ne bayyananne, ko da ya ke maganar so a ke yi. *Lei* kuma yana da nasa aibi a wannan wuri. Rigimar tasu ta shafi Jane, to *Lei è* na iya zama "ke ce", na iya zama "ita ce". Babban baƙi ya kan raba gardama a tsakiyar jimla, amma a farkonta, ko in a na karatu a bayyane, ba ya amfana kome.

A babi na 58 su ka shirya, a nan ne kuma Darcy ya fara kiranta da sunanta tsura. Ita kuwa har littafin ya ƙare ba ta taɓa kiransa Fitzwilliam ba. Hanya uku ke gaban mai fassara. Ta farko, ya bi sunaye sau da ƙafa: shi ya koma *tu*, ita ta tsaya a lamirin girmamawa. Wannan ita ce mafi muni, domin a Italiyanci *tu* mai sauka ba ya hawa magana ce ta ubangida da bara, alhali dukan littafin an gina shi ne a kan yarinyar da ta ƙi yarda an fi ta. Ta biyu, su koma *tu* su duka. Ta uku, su zauna a *voi* daga farko har ƙarshe, a bar sunan ya yi aikinsa kamar yadda ya yi a Ingilishi.

A ganinmu ta uku ta fi, domin ba ta ƙara wa labarin abin da babu a cikinsa. Komawa *tu* a Italiyanci ba ƙaramin al'amari ba ne, har izini a kan nema kafin a yi. Kuma magana zarar bunu ce: wanda ya koma *tu* ba ya sāke komawa *Lei* sai mai karatu ya zaci an ɓata. In kuwa mai buga littafi ya ce lalle sai lamiran zamani biyu, to a bi ta biyu, a yi sauyin daidai inda sunan ya fito, kada a riga shi ko da shafi ɗaya.

Gane fassarar da ta kauce ba shi da wuya. A ja jadawali, a rubuta kowaɗanne mutum biyu da ke magana da juna, da lamirin da kowa ya ba ɗan'uwansa babi babi. Duk inda lamiri ya sāke alhali suna bai sāke ba, kuma ba abin da ya auku tsakaninsu, nan mai fassara ya yi gyangyaɗi. Malaman kwalejojin horon malamai za su iya ba ɗalibai wannan aiki da Hausa, su zaɓa tsakanin kai, da ke, da ku, da laƙabi. Nan da nan za su ga cewa jumla ɗaya ba ta isa a yanke hukunci, sai an karanta littafin har bangon ƙarshe kafin a fassara *you* na shafin farko.