Taken zane ya faɗi abin da gona ta nuna

A rahoton furojet na ɗaliban aikin gona na shekarar ƙarshe, an saba ganin take irin wannan a ƙasan zane: "Zane na 3: Tasirin takin naitirojin a kan amfanin masara." Yanzu wasu malamai sun fara neman ɗalibi ya rubuta abin da ya gano a wurin, kuma ina goyon bayansu ƙwarai. Tsohon taken bai gaya wa kowa komai ba, domin abin da ke cikinsa yana rubuce a gefen zanen da gindinsa. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a, ga tulin rahotanni a gabansa, zane yake fara dubawa, sai a bar masa aikin lalubo sakamakon da kansa.

A ce ɗaliba ta shuka masara SAMMAZ 15 a Samaru, ta gwada naitirojin kilo 0, 60 da 120 a hekta, kowanne a fuloti uku. Ta samu tan 1.8, 3.6 da 4.1 a hekta, kuma LSD a kashi 5 cikin ɗari ya fito 0.7. Taken da zan so in gani shi ne: "Kilo 60 na naitirojin ya ninka amfanin masara, daga tan 1.8 zuwa 3.6 a hekta. Ƙari zuwa kilo 120 bai kawo bambancin da gwajin ya tabbatar ba. Samaru, damina ɗaya, matsakaicin fuloti uku, LSD 0.7."

Kashi na biyu na taken shi ya fi wuya, shi kuma ya fi daraja a wurina. Ido yana ganin sandar 120 ta fi tsayi, hannu yana ƙaiƙayin rubuta cewa ita ta fi. Amma tazarar 4.1 da 3.6 rabin tan ce, ba ta kai 0.7 ba. Ɗalibar da ke ɓuya a bayan "tasirin taki" za ta iya kaiwa ranar kare furojet ba ta yi wannan ragin ba. Wadda aka ce ta rubuta jimla mai hukunci dole ta yi shi tun da wuri. Ba ƙaramar magana ba ce kuwa: ƙarin kilo 60 ɗin ya haura buhu biyu da rabi na yuriya, kuɗin da manomi zai fitar daga aljihunsa.

Masu ƙin wannan salo suna cewa yana koya wa ɗalibi cika baki, kuma tsoronsu yana da tushe. "Kilo 60 ya ishi masara" ƙarya ce idan gona ɗaya da damina ɗaya aka gwada. Shi ya sa wuri, lokaci da yawan fuloti ba sa fita daga taken. Ɗalibi ya rufe zanen da tafin hannu, ya karanta taken, sannan ya buɗe ya nuna kowace kalma a jikin sandunan. Kalmar da ya kasa nunawa, ya goge ta kafin ya kai wa malaminsa.