Allon Zayyana a Bangon Ofis: Nazarin Wani Allo da Aka Gani a Barnawa

Abin da ya jawo wannan ɗan nazari shi ne wani allon zayyana da na tarar a rataye a bangon wani ofis a Barnawa, kudu da kogin Kaduna. Abokan aiki ne suka ba mai ofishin kyauta sa'ad da aka yi masa ƙarin girma. Wanda ya sayo shi a waya ya ga hotonsa, ya biya, aka aiko masa a motar haya. Allon ya kai kamu ɗaya da rabi, yana ta sheƙi, ja da kore da ruwan ɗorawa sun cika shi, Fatiha kuma tana tsakiya a wani ɗan fili da bai wuce tafin hannu biyu ba. Daga bakin ƙofa ya ba ni sha'awa. Da na matso na karanta sai sha'awar ta ragu, kuma dalilan haka su nake so in bayyana.

A tsangaya, allon zayyana shaidar sauka ce. Almajiri yakan fara da Fatiha, ya kama daga Nasi yana hawa har ya kai Baƙara. Idan ya kammala sai a ba mai zayyana aikin allo, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ya kewaye su da ado, ran sauka kuma ɗalibi ya riƙe allon malam ya biya masa a gaban jama'a. Ke nan tun asali aikin kuɗi ne, ba yau aka fara biyan mai zayyana ladan hannunsa ba. Amma masu karɓar aikin malamai ne da gardawa, waɗanda ɗigo ɗaya ba ya kuɓuce musu. Allon ofis da na baƙi da na masu saye ta intanet ba ya bi ta hannun irin waɗannan mutane, kuma allon Barnawa ya nuna abin da hakan ke haifarwa.

Mu fara da kayan aiki, ba tare da daɗewa a kai ba. Allon gargajiya sassaƙe ne, galibi daga itacen aduwa. Wannan kuwa siririn katakon kafinta ne aka yanka da siffar allo, aka shafe shi da man sheƙi. Ba na jin wannan babban laifi ne, tun da ba wanke shi za a yi ba. Inda aka yi asara shi ne wajen alƙalami. Alƙalamin gamba ko na kara ana fiƙe shi ne da faffaɗan baki, shi ya sa harafi yakan yi kauri a wani wuri ya sirance a wani, gwargwadon yadda hannu ya juya. Wannan allo da maka aka rubuta shi, bakinta kuwa a dunƙule yake, don haka alif da lam da wutsiyar nun duk kaurinsu ɗaya. Mai dubawa zai gane haka ko daga hoto, in ya faɗaɗa shi.

Babbar matsala tana cikin rubutun kansa. Masana irin su Andrea Brigaglia, a nazarinsa na 1 kan rubutun Kano a 2011, da wanda suka yi da Mauro Nobili a 2013 kan rubutun Barno, sun bambance hannu biyu a wannan yanki: na Barno, wanda ya fi tsufa, da na Kano mai kauri, wanda buga littattafan hannu a maɗaba'a ya yaɗa, Alƙur'anin Sharif Bala na Gabari kuma ya zama abin koyi a cikinsa. (Sunan unguwar ma, Barnawa, sai da ya tuna mini da na farkon, ko da yake babu ɓurɓushinsa a allon.) Duka hannuwan biyu suna tafiya da ruwayar Warshu da ƙa'idar Magrib: fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Marubucin allonmu ya kwaikwayi surar haruffan Kano, amma ya sa wa ƙaf ɗigo biyu irin na Gabas. A ayar da ta ambaci ranar sakamako kuma ya sa alamar ja a kalmar farko, alhali Hafsu ne ke jan ta, Warshu ba ya ja.

Akwai shaida ta uku, wadda a ganina ta fi sauran ƙarfi. Marubutanmu suna rufe aya da 'yan da'irori uku, aya ta biyar su sa mata kumsa, ta goma kuri. A ƙidayar Madina, wadda Warshu ke bi, Bisimilla ba ta cikin ayoyin Fatiha bakwai, ana raba ƙarshen surar ne gida biyu a cike bakwai ɗin. A ƙidayar Kufa, ta Hafsu, Bisimilla ita ce aya ta ɗaya. Saboda haka kumsa takan faɗo ne a kan ayar roƙon shiriya a allon tsangaya, a ƙidayar Kufa kuwa ta biyar ita ce ayar da ke gabanta, ta bauta da neman taimako. A nan ne marubucin ya ajiye kumsarsa. Da wuya wanda ya sha wanke allo a tsangaya ya yi haka. Abin da ya fi kama hankali shi ne, ya buɗe bugun Madina ne, irin wanda ya cika masallatai tun bayan buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a 1984, yana kwafa da hannun Kano.

Kada a fahimce ni a karkace. Ruwayar Hafsu ingantacciya ce, makarantun Islamiyya da yawa ita suke koyarwa, kuma wanda ya rubuta ta da hannun naskhi bai yi laifin kome ba. Abin suka shi ne haɗa rigar wannan da wandon wancan, sa'an nan a sayar da sunan aikin tsangaya. Ɗalibin da zai yi nazarin wannan fasaha nan gaba, in irin wannan allo ya samu, zai ɗauka haka Hausawa ke rubutu.

Launuka ma sun bar aikinsu. A mushafin hannu baƙi na haruffa ne, ja na wasali, ruwan ɗorawa na hamza, kore na alif ɗin sadarwa. Watau launi yana gaya wa mai karatu yadda zai furta. A allon Barnawa haruffa da wasula duk baƙaƙe ne, launukan an kwashe su an zuba a ado. Dalilin a fili yake: a fuskar waya ado ake hangowa, wasali ba ya fitowa, baƙo kuma ba ya karanta Larabci. Mai sana'a ya bi abin da ke kawo ciniki, har ado ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu na allon.

Sai dai adon, in za a yi adalci, shi ne inda mutumin ya nuna gwaninta. Saƙar igiyar da ta kewaye allon tana shiga tana fita ba tare da ta tsinke ko a kusurwa ba, nan ne kuwa mai koyo ke ruɗewa ya rufe da cikon launi. Da'irorinsa sun daidaita, hagu ta amsa dama. Wannan hannu ya iya zayyana, rubutu ne ba a koya masa ba. Da ya raba aikin da alaramma, ɗaya ya rubuta ɗaya ya ƙawata, da an sami allo na nuna wa tsara. Ga baƙin da ba Musulmi ba kuwa, allon ado zalla, marar aya, ya fi dacewa, tun da ya kawar da damuwar wanda zai taɓa shi da inda za a ajiye shi.

Na nuna wa mai ofishin kumsar da ƙaf ɗin. Ya ce shekara biyu allon yana wurin, ni ne na farko da ya tsaya ya karanta shi.